Sauti mara asara ta Bluetooth: tambayoyi da amsoshi kan LDAC da takwarorinsa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanen da suka sayi hedifon mara waya mai tsada, suka ga an rubuta LDAC ko Hi-Res a jikin kwalinsa, suke son sanin ko abin da ke cikin fayil ɗin waƙa shi ne ke isa kunnensu. An fara da na tushe, sannan aka shiga lissafi da saituna.

Me ake nufi da sauti mara asara?

Sautin dijital jerin lambobi ne. A faifan CD ana auna igiyar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo ana rubuta shi da bit 16, kuma akwai ɓangaren hagu da na dama. Idan ka ninka 44,100 da 16 da 2 za ka sami kimanin kilobit 1,411 a daƙiƙa, abin da ake taƙaitawa da 1,411 kbps. Sauti mara asara, wanda manhajojin waƙa ke rubutawa `Lossless`, shi ne wanda duk yadda aka matse shi, in aka warware za a dawo da waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta canza.

Matsewa iri biyu ce. Ta farko kamar ninke tufafi ce don su shiga akwati: in ka buɗe, rigarka tana nan yadda take. Haka FLAC da ALAC suke aiki. Ta biyu kamar a ce akwatin ya yi ƙanƙanta, sai aka datse ɓangarorin rigar da ake ganin ba mai lura da su. Haka MP3 da AAC suke yi, kuma abin da aka datse ba ya dawowa. Mai datsewar yana iya ƙwarewa har kunne ya kasa gane an taɓa komai, amma wannan magana ce ta daban. Mara asara magana ce ta lambobi, ba ta daɗin sauti ba.

A taƙaice, Bluetooth na iya kai sauti mara asara ko ba ya iyawa?

Ga mafi yawan wayoyi da hedifon da ke hannun mutane, ba ya kaiwa. Tsare-tsaren matse sauti da Bluetooth ke amfani da su, irin SBC, AAC, aptX, aptX HD da LDAC, duk masu asara ne, ko da an kai su matakinsu na ƙoli. Togiyar da aka fi sani ita ce aptX Lossless na kamfanin Qualcomm, wanda zai iya kai sautin matakin CD ba tare da asara ba, amma da sharuɗɗa masu tsauri da aka yi bayaninsu a tambayar da ta shafe shi. Sauti mai zurfi irin 24-bit/96 kHz kuwa, wato awo 96,000 a daƙiƙa kowane da bit 24, Bluetooth ɗin da aka saba saurare da shi ba shi da faɗin da zai ɗauke shi cikakke.

Na ga an ce Bluetooth yana da gudun megabit 3. Ai ya ninka abin da CD ke buƙata, to ina matsalar?

Megabit 3 ɗin gudun siginar ne a iska, ba adadin waƙar da ke wucewa ba. Bluetooth yana raba lokaci zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, wato mikrodaƙiƙa 625. Fakiti mafi girma yana cin gurbi 5, sannan dole a bar gurbi 1 don hedifon ya amsa cewa saƙo ya iso. A yanayin megabit 3, wannan fakiti ana kiransa 3-DH5 kuma yana ɗaukar bayit 1,021, wanda in komai ya tafi daidai zai ba da kimanin 2,178 kbps. A yanayin megabit 2, fakitin 2-DH5 yana ɗaukar bayit 679, iyakarsa kimanin 1,448 kbps.

Yanayin megabit 3 yana da saurin lalacewa. Yana cusa bit 3 a kowace alama ta rediyo, don haka tsangwama kaɗan ke rikita shi, kuma da sigina ya yi rauni na'urori kan koma yanayin megabit 2. To kwatanta 1,411 na CD da 1,448 na wannan yanayi: saura kusan babu. Alhali kowane fakiti da ya lalace sai an sake aika shi, ga kanun bayanai da ake liƙa wa kowane fakiti, ga kuma sauran ayyukan rediyon wayar kamar agogon hannu da ke haɗe da ita da Wi-Fi da sau da yawa suke amfani da eriya ɗaya. Hanyar da aka cika maƙil ba ta da wurin gyara kuskure, kuma a sauti fakitin da ya makara ɗaya yake da wanda bai zo ba.

Mene ne kodek, kuma nawa kowane ke aikawa?

Kodek shi ne tsarin da waya ke matse sauti da shi kafin ta aika, hedifon kuma ya warware. Dole ɓangarorin biyu su san kodek ɗaya, in ba haka ba sai su koma SBC, wanda ƙa'idar aika waƙa mai suna A2DP ta wajabta wa kowace na'urar sauti ta Bluetooth. SBC a saitinsa mai kyau yana kai 328 kbps. AAC yawanci yana wajen 256. aptX yana aika 352 ga sautin 44.1 kHz, aptX HD kuma 576 ga sautin 48 kHz. LDAC yana da matakai uku, 330 da 660 da 990. Akwai kuma LHDC na kamfanin Savitech da ke kaiwa kusa da inda LDAC ya kai, da kodek na Samsung da ke aiki tsakanin wayoyinsa da iyafis ɗinsa kaɗai.

Kada a ɗauki waɗannan lambobi a matsayin makin jarrabawa. aptX tsarin matsewarsa mai sauƙi ne, yana buƙatar bit da yawa kafin ya yi abin da AAC ke yi da kaɗan, don haka AAC a 256 da aka yi da kyau zai iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da kodek mai lamba mafi girma. Lambar tana da ma'ana sosai ne idan ana kwatanta matakan kodek ɗaya.

To me LDAC yake yi da sautin a zahiri?

Sony ne ya fito da LDAC a 2015, kuma tun daga Android 8.0 a 2017 ɓangarensa mai matsewa ya shiga tushen Android, shi ya sa ake samunsa a wayoyin kamfanoni da yawa. Yadda yake aiki shi ne ya yanka sautin gunduwa-gunduwa. A 44.1 ko 48 kHz kowace gunduwa awo 128 ce ga kowane ɓangare, a 88.2 ko 96 kHz kuma awo 256, wato ƙasa da milidaƙiƙa 3 na waƙa. Sai ya juya gunduwar daga jerin awo zuwa jerin muryoyi, daga mafi kauri zuwa mafi siranta, da lissafin da ake kira MDCT, dangin wanda AAC ke amfani da shi. Daga nan ya raba bit ɗin da yake da su a tsakanin muryoyin, wasu a rubuta su dalla-dalla, wasu a yi musu kintace. A wurin kintacen nan asarar take.

Ga lissafin da ya fi komai fayyace lamarin. A mataki mafi girma, kowace gunduwa tana da kason bayit 330, ba ƙari ba ragi. A 48 kHz akwai gunduwa 375 a daƙiƙa, don haka 330 sau 8 sau 375 ya ba da 990,000, inda lambar 990 ta samo asali ke nan. A 44.1 kHz gunduwoyin sun ɗan ragu, shi ya sa matakan ke zama 909 da 606 da 303. Yanzu ɗauki waƙar CD: awo 128, ɓangare biyu, bayit 2 kowane awo, jimilla bayit 512. Dole a shigar da su cikin 330, kusan kashi 64 cikin 100. Ɗauki kuma fayil na 24-bit/96 kHz: awo 256, ɓangare biyu, bayit 3 kowane, jimilla bayit 1,536, su ma cikin 330 ɗin nan za su shiga, kimanin kashi 21 cikin 100. A matakin tsakiya kason bayit 220 ne, a na ƙasa 110.

Wannan ba aibu ba ne ga LDAC. Kodek mai asara da aka ba shi fiye da 900 kbps don sautin CD yana da yalwa ƙwarai, kusan ninki uku na MP3 mafi girma, kuma kuskuren da yake bari ƙanƙane ne matuƙa. Abin da ba daidai ba shi ne a kira shi mara asara.

Amma fayilolin FLAC ɗina manhaja tana nuna 850 ko 900 kbps. Tunda sun gaza 990, me zai hana su wuce yadda suke?

Wannan tambaya ce mai kyau ƙwarai, domin lissafin a ido yana kama da ya yi daidai. Waƙar minti 4 a matakin CD tana da kimanin megabayit 42. FLAC zai iya mayar da ita 26, wato wajen 870 kbps. LDAC a 909 kbps yana aika kimanin megabayit 27 a cikin minti 4 ɗin. Sai mutum ya ce ai ta shige.

Matsalar ita ce 870 ɗin matsakaici ne na waƙar gaba ɗaya. Matsewa mara asara tana dogara da yadda sautin ke da sauƙin hasashe. Inda murya ɗaya ke tafiya a hankali, FLAC zai iya sauka ƙasa da 500 kbps. Inda kuge da ganguna da jita mai ƙara suka haɗu a lokaci ɗaya, sai ya haura 1,100, kuma hayaniya zalla irin shuuu ta rediyon da bai kama tasha ba kusan ba ta matsuwa ko kaɗan. A ma'ajiyar waya wannan ba damuwa ba ne, don wurin da ya yi sauƙi yana rama wa wurin da ya yi nauyi. A iska kuwa kowace gunduwa dole ta isa a kan lokacinta. Ba za a iya tara rarar farkon waƙa a kashe ta a amshi ba, sai in hedifon zai riƙe daƙiƙoƙi masu yawa na sauti kafin ya fara kunnawa, abin da zai sa bidiyo da ƙarar shigowar kira da maɓallin tsayarwa duk su makara.

Bayan haka, wayar ba ta aika fayil ɗin kansa. Tana warware FLAC ɗin, ta gauraya shi da sauran sautukan waya kamar ƙarar saƙo, sannan ta miƙa wa LDAC, shi kuma ba a gina shi da yanayin mara asara ba. Ko da gunduwa ta kasance mai sauƙin da za ta iya shiga bayit 330 cikakkiya, ta hanyar MDCT da kintace za ta bi.

In haka ne, me tambarin Hi-Res Audio Wireless da ke jikin kwalin yake nufi?

Tambari ne da ƙungiyar Japan Audio Society ke bayarwa, kuma LDAC na cikin kodek ɗin da suka cancance shi. Abin da yake tabbatarwa shi ne kodek ɗin yana karɓar sauti mai 24-bit/96 kHz ya kuma fitar da shi a wannan siffa. Bai ce lambobin da suka fita su ne suka shiga ba. Kamar yadda lissafin tambayar aikin LDAC ya nuna, 4,608 kbps ne ke shiga, 990 ke ratsa iska. Kodek ɗin yana ware mafi yawan bit ɗinsa ga muryoyin da kunne ke ji, waɗanda suka haura 20 kHz kuma a ba su ɗan abin da ya samu. Hikima ce mai kyau, amma tana nuna cewa ɓangaren da ya sa ake kiran fayil ɗin Hi-Res shi ne ya fi shan datsa.

aptX Lossless fa, da gaske ne ko talla ce?

Da gaske ne, cikin iyakarsa. Qualcomm ya sanar da shi a 2021 a matsayin wani yanayi na aptX Adaptive, ƙarƙashin tsarin Snapdragon Sound. Yana ɗaukar sautin 16-bit/44.1 kHz, ya matse shi ba tare da asara ba, ya aika a gudun da ke kaiwa wajen megabit 1.1 zuwa 1.2. Ya samu wannan faɗi ne domin kamfanin yana riƙe da rediyon ɓangarorin biyu, ya gyara yadda suke musayar fakiti. Saboda haka dole waya da hedifon duka su kasance da cif ɗin Qualcomm da ya dace, kuma masu ƙera su sun kunna wannan yanayi. Kasancewar waya tana da cif ɗin Qualcomm mai suna Snapdragon bai isa ba, wayoyi da yawa masu shi ba su da aptX Lossless. Akwai ƙananan na'urorin aikawa da ake soka wa a ramin USB-C don cike wannan giɓi.

Sharaɗi na biyu shi ne iska ta kasance da tsabta. Da sigina ya raunana, tsarin yana sauka zuwa yanayi mai asara ba tare da sautin ya yanke ba, in hanya ta gyaru ya sake hawa. Ga mai saurare wannan shi ne daidai, gara raguwar da ba a ji da yankewar da kowa zai ji. Sai dai yana nufin waƙa ɗaya za ta iya farawa mara asara, ta koma mai asara a tsakiya lokacin da ka sa wayar a aljihu, kuma yawancin wayoyi ba sa nuna maka lokacin da hakan ta faru.

Ta yaya zan san matakin da LDAC ke aiki a wayata?

Ganin an rubuta LDAC kusa da sunan hedifon bai gaya maka matakin ba. A Android, shiga bayanin waya ka taɓa `Build number` sau 7, sai `Developer options` ya bayyana a saituna. Da hedifon a haɗe, duba `Bluetooth Audio Codec` ka tabbatar LDAC ne, sannan ka nemi layin `Playback Quality` na LDAC. Za ka ga zaɓi huɗu: na 990/909, na 660/606, na 330/303, da `Best Effort (Adaptive Bit Rate)`. Wannan na ƙarshe shi ne wanda wayoyi da yawa ke zuwa da shi, kuma yana hawa da sauka gwargwadon yadda fakitoci ke taruwa suna jiran aikawa. Mutum zai iya shekara yana zaton 990 yake ji alhali yawancin lokaci yana ƙasa da haka.

Abubuwa biyu ke yawan rikita mutane a nan. Na farko, a wayoyi da yawa zaɓin da ka yi yana komawa na asali da zarar hedifon ya katse ya sake haɗuwa. Na biyu, manhajar hedifon tana da nata saitin na fifita ingancin sauti ko fifita ƙarfin haɗi, kuma in yana kan na biyu LDAC ba zai ma bayyana ba. Wasu hedifon ɗin kuma suna kashe LDAC idan aka kunna haɗuwa da na'urori biyu a lokaci ɗaya. Mai kwamfuta da ya kunna `USB debugging` zai iya tambayar wayar kai tsaye yayin da waƙa ke tafiya:

```
adb shell dumpsys bluetooth_manager | grep -i ldac
```

A wayoyin da manhajar Android ce ke yin matsewar, za a ga yanayin da gudun da ake aikawa a lokacin. A waɗanda cif ɗin sauti ne ke yin aikin, bayanin kan zo a taƙaice.

Na tilasta 990 sai sautin ya fara tsinkewa. Hedifon ne ya lalace?

Da wuya. Lissafin lokacin iska ya bayyana dalilin. An tsara LDAC ya dace da fakitin 2-DH5 mai bayit 679 da aka ambata a tambayar megabit 3. A matakin 990, gunduwa 2 masu bayit 330 ke shiga fakiti ɗaya, don haka ana buƙatar kusan fakiti 188 a daƙiƙa. Kowane fakiti da amsarsa suna cin milidaƙiƙa 3.75, jimilla kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin rediyon. A 660 gunduwa 3 ke shiga fakiti, fakiti 125 a daƙiƙa, kashi 47. A 330 gunduwa 6, kashi 23 kacal. Ke nan a 990 in ana sake aika fakiti ɗaya cikin uku, hanyar ta kusa toshewa, alhali a 660 ko kowane fakiti sai an aika shi sau biyu za a iya lallaɓawa.

Abubuwan da ke lalata fakiti sanannu ne. Bluetooth yana tsalle tsakanin tashoshi 79 a zangon 2.4 GHz, zangon da Wi-Fi da tandun maikurowef da wayoyin jama'ar da ke kewaye da kai suke ciki. Jikin mutum kuma ruwa ne mafi yawansa, yana shanye wannan sigina, shi ya sa waya a aljihun baya ta fi tsinkewa a kan waya a kan tebur. A fili ma lamarin kan fi muni, domin babu bangon da siginar za ta buga ta zagayo jikinka.

Gwajin da zai raba gardama mai sauƙi ne. Ajiye wayar a gabanka, tazarar kamu ɗaya ko biyu, kashe Wi-Fi ko ka mayar da shi zangon 5 GHz, ka cire agogo da duk wata na'urar Bluetooth. In tsinkewar ta tsaya, hedifonka lafiya lau, iska ce ta cika. In ta ci gaba har a 330, a nan ne za a fara zargin na'ura. Don tafiya a hanya ni 660 nake ba da shawara, 990 kuma a bar shi ga zaman wuri ɗaya.

Wanne ya fi, in bar shi a 96 kHz ko in sauke zuwa 44.1?

Idan waƙoƙinka na matakin CD ne, kamar yadda mafi yawan waƙoƙin duniya suke, 96 kHz ba ya ƙara musu komai. Wayar tana ƙirƙiro awo na cike ne kawai tsakanin na asali, ba wani sauti da ya ɓace da zai dawo. Saita `Bluetooth Audio Sample Rate` a 44.1 kHz yana iya rage juyi ɗaya a hanya, duk da cewa Android kan gauraya sauti a nasa gudun kafin ya kai ga kodek, don haka ribar ta danganta da wayar da manhajar. Bambancin a kunne ƙarami ne ƙwarai, bai kai na sauka daga 660 zuwa 330 ba. Kada ganin 909 a maimakon 990 ya dame ka, kason kowace gunduwa ɗaya ne.

Kunne na iya jin bambanci tsakanin LDAC da sauti mara asara?

A 990 ko 660 da waƙar matakin CD, abu ne mai matuƙar wuya, kuma duk wanda ya ce yana ji ya kamata ya gwada kansa ba tare da ya san wanne ke kunne ba. Ana kiran wannan gwaji ABX: a ba ka A da B, sannan X wanda ɗayansu ne, ka faɗi wanne, a maimaita sau da yawa har a fitar da sa'a daga lissafi. Sauya saiti da hannunka kana kallo ba gwaji ba ne, domin shirun da ke tsakani da abin da kake sa ran ji sun isa su canza hukuncinka, kuma ƙarin ƙara ko kaɗan ne yakan sa sauti ya yi kamar ya fi tsabta.

Matakin 330 shi ne inda ake iya kama LDAC, musamman a 96 kHz. Saurari kuge da tafi da wutsiyar sauti bayan an daki kirtanin jita: in suka yi kamar yashi-yashi, ko sirarar muryoyin suka dushe, kodek ne ya takura. A wannan mataki ba lallai ya fi SBC mai kyau ko AAC ba. Sannan a tuna cewa bayan an warware sautin, hedifon yana bi da shi ta cikin mai kashe hayaniya da mai daidaita muryoyi da ƙaramar lasifika, kuma waɗannan, tare da yadda robar iyafis ta toshe kunne, suna sauya sauti fiye da duk abin da LDAC ya taɓa a 660.

Ke nan biyan kuɗin waƙoƙi marasa asara ɓarna ce ga mai hedifon na Bluetooth?

Ba gaba ɗaya ba. In tushen waƙar MP3 ne ko AAC, an riga an datse ta sau ɗaya, wayar ta warware, kodek na Bluetooth ya sake datsa. Kodek na biyu bai san abin da na farko ya yi ba, har kurakuransa yake ɗauka a matsayin waƙa. In tushen FLAC ne ko ALAC, datsa ɗaya ce kawai. Wannan riba ce ta gaskiya, ko da yake ƙarama ce in tushen mai asarar yana 256 ko 320 kbps. Abin da ban ga amfaninsa ba shi ne sauko da fayilolin 24-bit/192 kHz don a saurara ta LDAC, wanda iyakar abin da yake karɓa a Android 96 kHz ne. Data da ma'ajiya kawai za su ƙare.

Ina amfani da iPhone. Ya lamarin yake?

iPhone ba ya aika LDAC ko wani daga dangin aptX, AAC da SBC yake da su. Hedifon mai LDAC in aka haɗa shi da iPhone, AAC zai yi amfani da shi. Apple Music yana da waƙoƙi marasa asara tun 2021, kuma Apple da kansa ya bayyana cewa haɗin Bluetooth ba mara asara ba ne. AAC ɗin iPhone yana da kyau, don haka ba abin tayar da hankali ba ne. Labarin da ake ji cewa AirPods Pro 2 mai USB-C yana karɓar sauti mara asara ya shafi haɗinsa da Vision Pro ne kawai, wato na'urar Apple da ake sanyawa a ido, ta wata hanyar rediyo ta Apple a zangon 5 GHz, ba Bluetooth ba.

LE Audio da LC3 za su kawo mara asara?

LE Audio sabon tsarin sauti ne na Bluetooth, LC3 kuma kodek ɗinsa ne. An yi LC3 ne don ya ba da sauti mai kyau da bit kaɗan da cin batir kaɗan, kuma mai asara ne. LC3plus yana da yanayin sauti mai zurfi, amma LE Audio na yau da kullum ba don mara asara aka gina shi ba. Lambar sigar Bluetooth da ke jikin kwali, 5.2 ko 5.3 ko 5.4, ita ma ba ta ƙara gudun hanyar da A2DP ke bi ba, megabit 3 ɗin nan yana nan tun sigar 2.0 ta 2004.

Ina son mara asara na haƙiƙa. Me zan yi?

Hanya mafi tabbas ita ce igiya, ko dai hedifon mai igiya da ƙaramin DAC na USB-C, wato na'urar da ke mayar da lambobi sauti, ko hedifon da ke karɓar sauti kai tsaye ta USB-C, kamar yadda aka buɗe wa AirPods Max mai USB-C a 2025 har zuwa 24-bit/48 kHz. Ka tabbatar ramin na sauti ne, don a hedifon da yawa na caji ne kaɗai. Ga lasifikar ɗaki, Wi-Fi yana da faɗin da ya wadatar, kuma tsare-tsare irin Tidal Connect suna sa lasifikar ta jawo waƙar da kanta, wayar ta zama abin sarrafawa kawai.

In kuma dole sai Bluetooth, nemi sunan aptX Lossless a rubuce a takardar bayanan wayar da ta hedifon duka biyu, ba aptX Adaptive kaɗai ba. Tushen waƙar ya kasance 16-bit/44.1 kHz, a kashe duk wani mai daidaita muryoyi ko mai daidaita ƙara a manhajar waƙa tunda suna sauya lambobin tun kafin su kai ga kodek, sannan wayar ta zauna a gabanka, ba a aljihu ba.